Kun gyara adireshi a websait amma Google na tura marasa lafiya tsohon gini: ga inda gizo ke saƙar

In mutum ya rubuta sunan asibiti a Google, abin da ke fito masa a allo ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba, kuma rashin gane wannan shi ke sa masu asibiti su yi ta gyara a inda ba nan matsalar take ba. Akwai katin nan mai taswira da hoto da lambar waya da maɓallin Directions, wanda ke rubuta Open ko Closed. Shi wannan katin, mafi yawan abin da ke cikinsa daga Google Business Profile yake fitowa, wanda da ake ce wa Google My Business kafin a canza masa suna a ƙarshen 2021. Sai kuma jerin shafukan da ke ƙasa, inda websait ɗinku ke fitowa da take da ɗan bayani, su kuma daga karanta shafin da Google ke yi suke zuwa, kuma a nan ne tsararren bayanin da ake sawa cikin kod ɗin shafi yake aiki. Abu biyu ne, suna taimakon juna, amma ɗaya ba ya ba ɗaya umarni. Ko da mai haɗa muku websait ya rubuta kod mafi kyau a duniya, in firofayil ɗin taswira na ɗauke da tsohon titi, toh tsohon titin za a ci gaba da tura mutane.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ƙaramin asibiti ne, mu kira shi Asibitin Misali, likitoci uku, ana duba manya da yara. Sun tashi daga tsohon gini sun koma sabo, sun kuma ƙara aikin Asabar daga tara na safe zuwa ɗaya na rana, da can Litinin zuwa Juma'a kawai suke yi, takwas zuwa biyar. Sun faɗa wa mai websait ya canza adireshi a shafin tuntuɓa, ya canza. Amma ƙorafi bai daina zuwa risefshan ba: wannan ya ce taswira ta kai shi tsohon wuri, wancan ya ce ya duba ran Asabar ya ga Closed sai ya haƙura, wata kuma ta ce lambar da ta kira ba a ɗauka. Uku ɗin nan duk tushensu ɗaya, bayanin asibitin ya warwatsu a wurare da yawa kuma wuri ɗaya kacal aka gyara.

Kafin a taɓa komai a kwamfuta, a zauna a rubuta gaskiyar a takarda ɗaya: sunan asibitin daidai yadda yake a allon ƙofa, adireshi da yadda za a riƙa rubuta shi, lambar waya guda wadda in an kira za a ɗauka a wannan ginin, sai lokutan aiki na kowace rana. Na san zai yi kaman ɓata lokaci, amma gwada ka tambayi mutum uku a asibiti ɗaya su rubuta maka adireshin, sai ka samu rubutu iri uku, wani ya sa lambar gida wani ya sa sunan ginin wani ya ce hawa na biyu wani bai ambaci hawa ba sam. Bambancin gajarta kalma ba shi ne abin tsoro ba, injin bincike na gane irin wannan. Wanda ke kawo ruɗani shi ne bambanci na gaske, wato lambar gida daban, lambar waya daban, ko suna daban.

Daga nan sai firofayil ɗin taswira, kuma a nan asibitin namu ya fara cin karo, don babu wanda ya san da wane imel aka buɗe shi. Wani ma'aikaci ne ya buɗe da nasa na kansa tun shekarun baya, ya kuma bar aiki. Wannan ya zama ruwan dare. Kuskuren da ake tafkawa a nan shi ne a ce ai shikenan a buɗe sabo a sabon adireshi. Kar a yi. In aka buɗe sabo, tsohon bai mutu ba, yana nan da duk sharhin marasa lafiya da taurarinsa da hotunansa na shekaru, saboda haka shi Google zai fi yarda da shi, shi zai riƙa fitowa a sama, sabon kuma yana can ƙasa ba sharhi ko ɗaya, ko ma a ɗauke shi a matsayin maimaici a ɓoye shi. Hanyar da ta dace ita ce a nemi mallakar tsohon. In ka yi yunƙurin karɓar wurin da wani ya riga ya karɓa, Google zai nuna maka ɗan gutsuren imel ɗin mai shi ya kuma ba ka damar danna Request access, sai a tura masa saƙo, yana da kwana 3 ya amsa, in bai ce komai ba sau da yawa sai a buɗe maka hanyar tabbatar da cewa kai ne mai wurin. In an samu shiga, abu na farko a sa imel na asibitin a matsayin babban mai mallaka, sauran ma'aikata da mai websait a ba su matsayin manaja, don kar a sake wannan wahalar ran da wani ya ajiye aiki.

Da an shiga sai a gyara adireshi a cikin tsohon firofayil ɗin, sharhi da taurari suna nan ba inda za su je. A shirya cewa canza adireshi kan sa Google ya nemi a sake tabbatarwa, ko da kati ta gidan waya, ko kira, ko imel, ko bidiyo, kuma ba kai ke zaɓa ba, abin da aka ba ka shi za ka bi. In bidiyo ne ana so a ga titi ko alamar unguwa, a ga allon asibitin a kafe, a kuma ga abin da ke nuna kana da iko da wurin kaman buɗe ƙofa da makulli ko shiga inda ma'aikata kaɗai ke shiga. Asibiti ne fa, don haka a ɗauka kafin a buɗe, kar fuskar mara lafiya ko fayil ɗinsa ya fito. In kuma kati ake jira, kar a sake taɓa suna ko adireshi ko rukuni har sai ya iso, don canjin na iya kashe lambar da ke cikin katin.

Akwai ƙaramin abu da ake mantawa bayan an rubuta adireshi, shi ne jan fin ɗin nan na taswira. Google na ƙoƙarin ajiye shi da kansa daga adireshin da ka rubuta, kuma a inda lambobin gidaje ba su da tsari sosai yakan faɗa tsakiyar titi ko bayan ginin. Maɓallin Directions fin ɗin yake bi. A juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan Adam, a ja fin ɗin da hannu a ɗora shi kan ƙofar da marasa lafiya ke shiga. Na ce ƙofar shiga, don gini mai fuska biyu in fin ya fi kusa da titin baya, ta baya za a riƙa kai mutane su tarar da katanga.

Batun suna kuma, a bar shi yadda yake a allo. Za ka ga wasu sun mayar da nasu "Asibitin Misali, Mafi Kyawun Likitan Yara Da Awon Ciki Awa 24" wai don su hau sama. Dokar Google ta hana cusa kalmomin bincike cikin suna, kowa na iya kai ƙara, kuma hukuncin na iya kaiwa ga dakatar da firofayil, wato asibitin ya ɓace daga taswira gaba ɗaya har sai an ɗaukaka ƙara. Inda ake faɗin aikin da ake yi shi ne rukuni. Ana zaɓar babban rukuni guda, ana iya ƙara har guda 9, amma ni a ganina biyu ko uku na gaskiya sun fi tara na kwaɗayi, kuma babban shi ya fi nauyi. Asibitin namu tunda kowa yake dubawa sai ya ɗauki Medical clinic a matsayin babba. Google da kansa ya ce abu uku yake dubawa wajen jera wurare a taswira: dacewa da abin da aka nema, nisa, da shahara. Rukuni na taɓa na farkon, nisa kuwa ba abin da za ka iya yi a kai.

Toh sai wurin da asibiti ya bambanta da shago, wato likitoci. Google ya yarda likita ya samu nasa firofayil daban da na asibitin, in yana ganin marasa lafiya a wurin kuma ana iya samunsa a lokutan da aka rubuta. A inda likitoci suke da yawa kaman misalinmu, firofayil ɗin likita sunansa kawai zai ɗauka, ba a haɗa da sunan asibitin. In kuwa likita ɗaya ne tal a wurin, sai a yi guda ɗaya, sunan asibitin sai alamar ruwa biyu sai sunan likitan. Ma'aikatan tallafi ba a buɗe musu. Abin da ya sa na tsaya a nan shi ne, a asibitin namu da aka bincika sunayen likitocin ɗaya bayan ɗaya a taswira, sai ga biyu daga cikinsu da nasu firofayil a tsohon gini da tsohuwar lamba, su kansu ba su san da su ba, domin Google kan ƙirƙiri irin waɗannan daga bayanan da ya tsinta a wasu shafuka ko wani mara lafiya ya ƙara. Daga nan lambar da ba a ɗauka take fitowa. Kowanne sai an karɓe shi an gyara, ko a yi amfani da Suggest an edit a nuna ya koma wani wuri ko maimaici ne. Likitan da ya bar asibitin kuma firofayil ɗinsa shi zai bi zuwa sabon wurin aikinsa. A yi hattara da sa alamar Permanently closed a kan wani abu mai ɗauke da sunan asibitin, don mai bincike ba zai tsaya tantance wanne ne aka rufe ba, jan rubutun kawai zai gani ya wuce.

Sai an gama da wannan duka kafin a dawo kan websait, kuma ko a nan ba da kod ake farawa ba, da abin da ido ke gani ake farawa. Suna, adireshi, waya da lokutan aiki su kasance rubutu na gaske a shafin wanda za a iya kwafa, kar a ce hoton katin asibiti aka liƙa. A duba ƙasan shafi, don a misalinmu an gyara shafin tuntuɓa amma ƙasan kowane shafi yana nan da tsohon titi, kenan shafi guda na faɗin sabo, sauran duka suna faɗin tsoho.

Shi tsararren bayanin, ƙamus ne da ake kira Schema.org wanda Google da Bing da Yahoo suka haɗu suka fitar a 2011, Yandex ya shigo daga baya, don shafi ya iya gaya wa inji a fili cewa wannan lambar waya ce, wannan lokacin buɗewa ne, ba sai injin ya yi ta kirdado ba. Ana iya rubuta shi ta hanyoyi uku amma Google ya fi son JSON-LD, kuma shi ya fi sauƙin kulawa tunda dunƙule yake wuri ɗaya bai cakuɗe da adon shafi ba. Na asibitin namu ga yadda zai kasance:

```html
<script type="application/ld+json">
{
  "@context": "https://schema.org",
  "@type": "MedicalClinic",
  "@id": "https://example.com/#asibiti",
  "name": "Asibitin Misali",
  "url": "https://example.com/",
  "telephone": "+000 000 000 000",
  "address": {
    "@type": "PostalAddress",
    "streetAddress": "12 Sabon Titi",
    "addressLocality": "Gari",
    "addressCountry": "XX"
  },
  "geo": {
    "@type": "GeoCoordinates",
    "latitude": 10.12345,
    "longitude": 20.54321
  }
}
</script>
```

Zaɓen `MedicalClinic` na da dalili. A tsarin Schema.org yana ƙarƙashin `MedicalBusiness` wanda shi kuma yake ƙarƙashin `LocalBusiness`, sannan yana ƙarƙashin `MedicalOrganization`, don haka ya gaji kayan ɓangarorin biyu: adireshi da lokutan buɗewa daga nan, irin su `medicalSpecialty` daga can. Ƙa'idar ita ce a ɗauki nau'in da ya fi kusa da gaskiya, likitan haƙori ya sa `Dentist`, babban asibiti mai kwanciya ya sa `Hospital`. Ƙaramin asibiti kar ya sa `Hospital` don ya ji girma. Abin da Google ya wajabta biyu ne kawai, `name` da `address`, saura shawara ce, amma waya da lokutan aiki su ne abin da mara lafiya ke nema, ban ga amfanin barin su ba. Lambar waya a sa ta da lambar ƙasa a gaba, `addressCountry` kuma haruffa biyun nan na ƙasa ne ake sawa a inda na sa XX.

Lambobin `geo` Google na so aƙalla biyar bayan ɗigo, kuma lissafin a bayyane yake: digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, saboda haka lamba biyu bayan ɗigo na iya kauce wa wurin da ɗaruruwan mitoci, uku ta rage shi zuwa gomomin mitoci, biyar kuma ta kawo ka cikin kusan mita ɗaya. A ɗauko su daga fin ɗin da aka gyara ɗazu, in ka danna dama a kan wurin a Google Maps na kwamfuta za su fito a sama, latitud ne farko. Wasu manhajojin taswira suna juya su su sa longitud a gaba, in aka kwafo a haka asibitin ya faɗa wata ƙasa ko tsakiyar teku, kuma babu kayan gwajin da zai yi kuka tunda lambobin a tsarinsu daidai suke.

Lokutan aiki su ne inda aka fi yin tuntuɓe. Ana ƙara wannan a cikin dunƙulen na sama, bayan rufewar `geo`, a sa waƙafi tsakaninsu:

```json
"openingHoursSpecification": [
  { "@type": "OpeningHoursSpecification",
    "dayOfWeek": ["Monday","Tuesday","Wednesday","Thursday","Friday"],
    "opens": "08:00", "closes": "17:00" },
  { "@type": "OpeningHoursSpecification",
    "dayOfWeek": "Saturday",
    "opens": "09:00", "closes": "13:00" }
]
```

Agogon awa 24 ake amfani da shi, biyar na yamma 17:00 ce, in aka rubuta 05:00 an ce ana rufewa da asuba kenan, sai injin ya fahimci asibitin na buɗe daga takwas na safe har biyar na asubar gobe. Sunayen ranaku dole da Turanci yadda ƙamus ɗin ya tsara, ko da shafin da wane harshe aka rubuta shi. Wurin da ba ya rufewa dare da rana sai a sa `opens` 00:00 da `closes` 23:59, ranar da ake rufe gaba ɗaya kuma duka biyun a sa 00:00. Dubi yadda waɗannan biyun suka yi kama, wanda yake nufin awa 24 in ya yi kuskure ya sa 00:00 sau biyu ya sanar da cewa a rufe yake duk yini. In ana tashi hutun rana a rufe ƙofa, ranar sai a raba ta gida biyu, na safe daban na yamma daban. Kuma lokacin da ake ganin marasa lafiya ake rubutawa, in akwai layin waya na gaggawa da ake ɗauka da dare wannan bai mayar da asibitin mai awa 24 ba, wanda ya ga Open ƙarfe biyun dare zai ɗauko yaronsa ya taho ne.

Abu ɗaya da zan ce kar a wahalar da kai a kansa shi ne taurari. Masu haɗa websait na son sa `aggregateRating` su ce taurari biyar za su fito ƙarƙashin sunan asibitin. Tun Satumban 2019 Google ya daina nuna taurarin da kasuwanci ya sa wa kansa a nasa shafin ƙarƙashin `LocalBusiness` ko `Organization`, ko da sharhin na gaske ne aka jawo daga wani wuri. Taurarin da ake gani a kati daga sharhin firofayil suke. Haka kuma dokar tsararren bayani ta ce abin da ke cikin kod ya dace da abin da mai karatu ke gani a shafin, in aka cika kod da ayyukan da ba a yi ko sharhin ƙarya, ana iya cin hukunci a Search Console, wato wurin da Google ke nuna wa mai websait halin da shafukansa suke ciki, a daina nuna ƙarin bayanan shafin.

In asibitin ya buɗe reshe na biyu, kowane reshe na buƙatar shafinsa da dunƙulensa da `@id` nasa daban, kuma maɓallin Website na firofayil ɗin reshen ya nufi shafin reshen kai tsaye. Matsalar da ake samu ita ce filogin, wato ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a websait, da ke zuba dunƙule ɗaya a kowane shafi, sai shafin reshe ya nuna wa ido adireshin reshe, kod ɗinsa kuma na faɗin na hedikwata.

Gwaji kuma hawa hawa ne, kowane kayan gwaji da tambayar da yake amsawa. Schema Markup Validator na duba ko rubutun ya bi ƙamus. Rich Results Test na duba ko Google zai iya amfani da shi, zai raba maka kuskure na gaske da gargaɗi na abin da ba dole ba, irin rashin `priceRange` ko `image`, wanda ba sai an ƙirƙiro masa amsa don a ga kore ba. Amma duka biyun ba su san gaskiyar asibitinku ba, tsohon adireshi in an rubuta shi da kyau zai ci gwaji sumul. Shi ya sa nake ganin gwajin da ya fi kama ɓarawo shi ne na ido: a buɗe shafin, a danna `Ctrl+U`, a nemi `ld+json` a ƙirga sau nawa ya fito, sannan a nemi sunan tsohon titin da tsohuwar lambar. A misalinmu sau biyu ya fito, ɗaya wanda aka rubuta yanzu, ɗaya kuma wani filogin ne ke fitar da shi daga saitin da aka cika tun ran da aka haɗa websait ɗin, da tsohon titi da rashin Asabar. Shafi ɗaya, baki biyu. Sai a gyara saitin filogin ɗin a goge na hannu, ko a kashe na filogin a bar na hannu, amma guda ɗaya ya rage. Bayan nan a shiga URL Inspection a Search Console a ga yaushe Google ya karanta shafin na ƙarshe, in kafin gyara ne a danna Request indexing.

Saura sauran wuraren da sunan asibitin yake. Bing Places for Business na ba da damar jawo bayani daga firofayil ɗin Google, wannan mintuna ne. Taswirar Apple kuma nata tsarin daban, a Janairun 2023 suka buɗe Apple Business Connect don masu wurare su riƙa gyara nasu, kuma mai iPhone da ya nemi hanya ta can zai bi, gyaran Google bai shafe shi ba. Sai shafin Facebook na asibitin, da OpenStreetMap wanda manhajoji da yawa ke ɗiban bayani daga gare shi, da jerin kamfanonin inshorar lafiya da na hukumar rajistar asibitoci da shafukan neman likita. Hanyar gano su mai sauƙi ce, a rubuta tsohuwar lambar waya a Google cikin alamar zance, sannan tsohon adireshi, duk abin da ya fito shi ne jerin aikin. Ba sai an bi kowane ƙaramin kundin da ba mai shiga ba, a fara da waɗanda mutane ke amfani da su da waɗanda ke da nauyin hukuma. Dalilin bin su ya wuce masu ziyartarsu, domin Google na kwatanta abin da ka rubuta da abin da ya gani a wasu wurare da abin da jama'a ke turo masa ta Suggest an edit, kuma yana iya canza maka lokaci ko lamba a firofayil da kansa in ya ga hujja ta fi yawa a ɗaya ɓangaren. In ka gyara Asabar yau bayan kwanaki ka ga ta koma Closed, yawanci akwai wani wuri da har yanzu ke faɗin tsohon zance, a nemo shi maimakon a yi ta sake gyara firofayil. Waɗanda aka tabbatar na asibitin ne kuma sun yi daidai, a jera adireshin shafukansu na intanet a `sameAs` cikin kod ɗin.

Wajen dubawa ko gyaran ya kama, kar a tsaya a cikin asibitin a bincika da wayar da ke ɗauke da akawun ɗin mai firofayil, tunda nisa na cikin lissafi kuma kana tsaye a kan fin ɗin, dole ka ga kanka a sama. A duba da wata waya, a nemi sunan asibitin, sannan sunan kowane likita, sannan a danna Directions daga wani wuri mai nisa a ga ina layin ya ƙare, a danna Call a ji ko wayar risefshan ta yi ƙara. Ƙananan gyare-gyare a firofayil kan fito da wuri, na adireshi kan ɗau lokaci saboda dubawa, na websait kuma sai Google ya sake karanta shafin. Ranar hutu kuma ba a taɓa lokutan yau da kullum, akwai Special hours a firofayil inda ake sa kwanan wata a ce a rufe ko rabin yini, a kod kuma ana ƙara wani `OpeningHoursSpecification` mai `validFrom` da `validThrough` na wannan ranar. In ba a cika na firofayil ba, a ranakun hutun da Google ya sani yakan rubuta wa masu bincike cewa lokutan na iya bambanta, ko da kuwa kuna buɗe yadda kuka saba.